Sukurun da kansa ya cinye: roba, baki mai faɗi, ko estirakta?

Ƙofar shagon gwaggota a unguwar Aboabo ta Kumasi ta daɗe tana jan ƙasa. Kullum da safe sai ta ɗaga ta da ƙafa kafin ta buɗu. Da na je na duba, hinjin sama ne ya gaji, sandar tsakiyarsa ta ci har tana wasa, babu abin yi sai canji. Aiki ne na rabin awa. Na bar wa yaron da ke koyon aiki a wurina ya kwance tsohon, ni kuma na shiga Alabar neman sabo. Kafin in dawo ya kwance huɗun da ke jikin ƙyauren lafiya lau, amma huɗun da ke jikin firem duk sun ƙi, kuma ya matsa musu da injin huji har kawunansu sun yi fari suna ƙyalli.

Ya ce, "Masta, wallahi juyawa kawai yake yi, ba ya kamawa."

A kan waɗannan sukurori huɗu zan yi bayanin, domin kowannensu ya cinye daidai gwargwadonsa, kuma kowanne hanyar da ta fitar da shi daban. Mutane suna tambaya wanne ya fi tsakanin roba da baki mai faɗi da estirakta, kamar abubuwa uku ne masu aiki iri ɗaya. Ba haka ba ne. Roba tana hana santsi ne kawai. Baki mai faɗi yana neman bangon da bai rushe ba a cikin kan sukurun ya jingina da shi. Estirakta kuwa, ƙarfen da ake dasawa cikin sukuru a murɗo shi waje, ya haƙura da tsohon ramin, sabo yake haƙawa. Saboda haka kafin ka zaɓa sai ka san abu biyu: me ya rage na gicciyen da ke kan sukurun, kuma me yake riƙe da jikinsa a ciki.

Tambaya ta biyun ita ce wadda aka fi mantawa da ita. Sukuru ba ya cinyewa haka kawai. Ko dai bakin da aka sa masa ba nasa ba ne, ko kuma jikinsa ya kafe har ƙarfin da ake bukata ya fi ƙarfin da kansa zai ɗauka. A ƙofar gwaggo duka biyun ne suka haɗu. Firem ɗin na odum ne, katako mai tauri da nauyi, shi kuwa ƙyauren na wawa ne, mai laushi, shi ya sa na jikin ƙyauren suka fito ba gardama. An shafa fenti a kan hinjin ya fi sau biyu, damshin Kumasi kuma ya sa tsatsa ta ɗaure ƙarfe da itace. Sannan da na goge kan ɗaya na duba da fitilar waya, sai na ga ƙananan layuka huɗu siriri a tsakanin hannayen gicciyen. Wannan alama ce ta sukurun da bakinsa ake rubuta wa PZ. Yaron kuma da PH2 ya yi aiki, tsohon da bakinsa ya riga ya side.

A kasuwa duk "sita" muke ce musu, amma ba ɗaya ba ne. Fukafukan bakin PH a karkace suke, suna tsukewa zuwa tsini, don haka da zarar sukuru ya yi tauri sai bakin ya riƙa hawowa sama yana neman fita. Na PZ fukafukansa a miƙe suke, kuma yana da ƙananan haƙora huɗu a tsakani. In ka sa PH cikin ramin PZ zai shiga, har ya kwance mai laushi, amma ba ya cika ramin, da ƙarfi ya zo sai ya yi tsalle. Kowane tsalle kuma yana yankar ɗan ƙarfe daga kusurwoyin ciki. Da hannu tsalle ɗaya za ka ji ka tsaya. Da inji kafin ka ɗaga yatsa ya yi goma.

Abin da na fara yi ba ya cikin hanyoyin nan uku, amma in ba a yi shi ba babu wadda za ta yi aiki yadda ya kamata. Da yake yaron ya riga ya raba hinjin da ƙyauren, na sa katako a ƙarƙashin ƙofar na tallafe ta don kada ta rataya a hinjin ƙasa kaɗai. Ko da hinjin yana haɗe da ƙyaure, wannan tallafin dole ne, domin nauyin ƙofa yana danne sukuru ta gefe ya ƙara masa tauri. Sai na ɗauki tsinin ƙusa na kankare fenti da garin ƙarfe daga cikin kowane gicciye, na yanka fentin da ya zagaye kowane kai da wuƙa, na hure. Sau da yawa ramin da ake ganin ya cinye rabinsa fenti ne ya cike shi, bakin sukudireba bai taɓa kaiwa ƙasa ba.

Sukuru na biyu daga sama shi ne mai sauƙi. Kusurwoyinsa sun ɗan goge amma gicciyen yana nan. Na sa sabon PZ2, na buga gindinsa da guduma sau biyu ya zauna, na ɗan juya dama kamar zan ƙara ɗaurewa don tsatsar ta karye, sannan na juya hagu. Ya yi ƙara ya fito. Ba roba, ba komai. Na faɗi wannan ne domin wanda ke da sukuru a gabansa yanzu ya duba wannan kafin ya fita neman wani abu.

Na farko, wato na can sama, shi na gwada wa roba, kuma da dalili. Hinjin sama shi ne nauyin ƙofa yake fizga waje, shekara da shekaru, don haka sukurun da ke samansa yakan ɗan saki. Na sa wuƙa a bayan hinjin na ɗan taɓa, na ga yana motsi kaɗan. Ga gicciyen kuma: tsakiyarsa ta zama kamar ɗan mazurari, amma hannaye huɗun ana ganinsu, rabin zurfinsu yana nan. Sukuru mara tauri da rami mai sauran siffa, nan ne gidan roba.

Robar ɗaure kuɗi siririyar nan, ko wadda ake ɗaure ledar koko da ita, ba ta yi. Ana son mai faɗi wadda za ta rufe ramin gaba ɗaya, kamar milimita 6 ko fiye. In babu, yankin safar hannu ta roba yana yi. Yankin tub na keke ya yi kauri ga ƙaramin sukuru, yakan hana bakin shiga, sai dai a babban kai. Ana shimfiɗa ta a kan ramin ba tare da an ja ta ta miƙe ba, a dasa sukudireba a tsakiya, a danna da nauyin jiki sosai har robar ta nutse, sannan a juya a hankali. Da hannu ake yi. Injin huji zai yaga ta nan take. Yawancin ƙarfinka ya tafi wajen dannawa, kaɗan wajen juyawa, kuma sukudireban ya tsaya cak a kan layin sukurun.

Abin da robar take yi shi ne cike giɓin da ke tsakanin baki da bangon da ya goge, ta hana bakin zamewa sama. Iyakarta ke nan. Roba ba ƙarfe ba ce, ba za ta ɗauki ƙarfin da ake bukata a karya tsatsa ba. Za ka gane ta gaza in ka ji sukudireban ya yi laushi a hannunka yana juyawa kamar a cikin tuwo, ka ɗaga ka tarar an huda ta. Ka matsa zuwa wani wuri mai kyau a jikin robar ka sake sau ɗaya. In ta sake hujewa, bar ta. Gwaji na uku da na huɗu ƙarfe ne kawai yake gogar ƙarfe, kana cinye abin da hanya ta biyu za ta kama.

Na saman nan a gwaji na farko ya motsa. Da ya fito kamar milimita 3 na ajiye robar na kama kan da filaya na ƙarasa.

Akwai abin da ya fi roba a irin wannan matsayi, kuma duk wanda ya zauna da fitocin Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya san shi: man nan mai yashi-yashi da suke goge bawul da shi. Ɗan ɗigo a bakin sukudireba yana sa ƙarfe ya ciji ƙarfe, kuma ba ya hujewa. Amma ba kowane gida ke da shi ba, roba kuwa ko a lalitar gwaggo akwai. Fa'idarta ta gaskiya ita ce kyauta ce, kuma in an tsaya a gwaji biyu ba ta ɓata komai. A kan murfin rediyo, bayan talabijin, fanka, ƙaramar kwamfuta, inda sukuru ƙarami ne a cikin roba kuma ba a isa a ɗaga guduma ba, ita ce ta farko, wani lokaci ma ita kaɗai ce.

Na uku shi ne wanda ya fi koyar da mutum. Tsakiyarsa ta tafi gaba ɗaya, rami ne zagayayye mai santsi. PZ2 yana shiga ya juya ba ya taɓa komai. Ban ɓata lokaci da roba ba, domin na buga shi na ji a kafe yake. Amma da na haska fitila ta gefe, sai ga ƙarshen hannayen gicciyen huɗu can bakin da'irar, gajeru, bangonsu a tsaye. Kusan kullum haka cinyewa take: bakin da ke tsalle tsakiya yake ci, domin yana hawowa sama tsininsa ne kawai ke cikin ramin. Ƙarshen hannayen ba ya kai musu. Waɗannan kusurwoyi huɗu su ne dukiyarka, kuma su baki mai faɗi yake nema.

"Mai faɗi" iri uku ne a wurina. Na farko shi ne hawa lamba ɗaya, daga 2 zuwa 3. Lamba 3 tsininsa a dakushe yake, fukafukansa kuma sun fi faɗi, don haka yana iya kaiwa ƙarshen hannayen kafin tsinin ya taɓa ƙasa. Sai dai a sukuru mai kaurin milimita 4 ko 4.5, irin na hinji, sau da yawa lamba 3 ba ya nutsewa, yana zama a sama-sama. Gwajinsa mai sauƙi ne: dasa shi, ka ɗan kaɗa shi hagu da dama da yatsu biyu. In ka ji ya tsaya ƙyam a ɓangarorin biyu, ya kama. In yana lilo, kada ka sa masa ƙarfi. Wata dabara mai kama da wannan ita ce ka ɗauki lamba 2 ka goge kamar milimita 1 daga tsininsa a dutsen giranda. Da yake tsinin ba zai riga fukafukai isa ƙasa ba, sai bakin ya ƙara nutsewa ya kama inda bai kama ba a da.

Na biyu shi ne filat. Kan sukuru mai kaurin 4.5 faɗinsa kusan milimita 9 ne, gicciyen kuma daga ƙarshe zuwa ƙarshe wajen milimita 5. Kana neman filat da zai ratsa hannaye biyu masu kallon juna ya cika su, wanda sai an ɗan buga shi zai shiga. Wanda ya shiga da kansa ya yi ƙanƙanta. Wanda ya wuce faɗin kan sukurun kuma zai riƙa cin jikin hinji, ka ɗauka sukuru ne ya yi tauri alhali hinji kake murɗawa.

Na uku shi ne bakin tauraro mai tsini shida, wanda ake rubuta wa T da lamba. Wannan ya fi dacewa da ramin da ya zama zagayayye mai zurfi, musamman na sukurun da ake kwancewa da alanki. In ramin alanki na milimita 4 ya side, T27 da faɗinsa ya kusa milimita 5 in aka buga shi yakan yanka wa kansa sabuwar hanya a bangon. A ramin sita ba ya yi sosai, domin ramin mazurari ne, haƙoran ba su samun bango mai tsayi.

A na uku na ƙofar, PZ3 ya yi lilo, na ajiye shi. Na ɗauko filat mai faɗin milimita 5, irin wanda ƙarfensa ya ratsa mariƙin har gindi. Wannan sharaɗi ne, domin mai mariƙin roba zalla in ka buge shi fashewa zai yi, bugun ma ba zai isa ga sukuru ba. Na daidaita shi a kan hannaye biyun da suka fi lafiya, na yi masa bugu huɗu matsakaita. Na farko da na biyu sautinsu a buɗe, na uku ya koma dum, alamar ya zauna. Na saki hannu ya tsaya da kansa a cikin kan. Daga nan na danna da ƙirji, yaron ya kama sandar sukudireban da sifana a inda take da kusurwa, na ce masa ya ja a hankali ba fizga ba. Ya yi ƙara ɗaya, ya juya kwata, sauran kuma da hannu.

Bugun nan aiki biyu yake yi, shi ya sa nake fifita wannan hanya a kan sauran. Yana dasa bakin cikin ƙarfen, kuma girgizarsa tana ratsa jikin sukurun ta karya abin da ya ɗaure shi. Wato yana taɓa kan, yana taɓa jikin. Roba kai kawai take taɓawa. Masu gyaran babur suna da wani sukudireba mai kauri da in an bugi gindinsa da guduma yake juyawa da kansa kaɗan, a daidai lokacin da bugun ya danna shi ciki. Ga sukurun murfin inji babu kamarsa, kuma a ganina wanda zai sayi kayan aiki ɗaya saboda irin wannan matsala, shi ya kamata ya fara saya kafin estirakta.

Iyakar hanyar a bayyane take: sai inda bayan sukurun yake da ƙarfin ɗaukar bugu. Firem ɗin odum a cikin bango ba ya jin komai. Allon waya, kwalin fanka na roba, kabureta mai siririn kunne, ƙofar gilashi, duk waɗannan garin gyaran gira za a rasa ido. Sannan dama ɗaya ce ko biyu. In filat ɗin ya kwashe hannaye biyun farko, sauran biyu ne suka rage maka. In su ma suka tafi, an gama da tsohon ramin.

Haka na huɗu yake tun kafin in zo. Shi yaron ya fi dagewa a kai, domin a ƙasa yake inda ya fi samun wurin dannawa. Babu ko alamar gicciye, rami ne sumul kamar an yi shi da gangan. Kan kuma a nutse yake daidai da fuskar hinji, filaya ba ta da inda za ta kama. Nan ne estirakta ya shigo.

Iri biyu ake samu a shagunan kayan aiki. Akwai dogo mai kama da karas, mai zane a murɗe ta hagu, gindinsa mai kusurwa huɗu. Yawanci biyar ko shida ne a kwali. Lamba 1 na ƙananan kusoshi ne daga milimita 3 zuwa 6, ana huda masa rami na kusan milimita 2. Lamba 2 daga 6 zuwa 8, raminsa kusan milimita 3. Ana huda tsakiyar, a dasa shi da ɗan bugu, a juya hagu da hannu. Da yake zanensa na hagu ne, duk juyin da ke kwance sukuru shi ƙara shigar da shi yake yi. Sai kuma gajere mai baki biyu da ake sa wa a injin huji: baki ɗaya yana gyara ramin, a juya shi, ɗayan ya ciji ya fitar. Duka bakin biyu da inji a juye ake aiki da su, wato yana juyawa hagu. Mutane da yawa suna manta wannan a bakin farko, su yi ta gogawa ba ya yanka.

Ga sukurun katako, dogon bai dace ba, kuma lissafin ne ya nuna haka. Sukuru mai kaurin 4.5, in ka cire tiredinsa, tsakiyarsa ba ta wuce milimita 3 ba. Ka huda 2 a ciki, bangon da ya rage rabin milimita ne kowane gefe. Estirakta kuma yana buɗa abin da ya shiga, kamar yadda tsinke ke buɗa rake. Ko dai bangon ya tsage, ko ya kumbura ya ƙara kafewa. Gajeren mai baki biyu a cikin kai kawai yake aiki, inda nama yake da kauri, shi ya sa na ɗauko shi.

Kafin in taɓa shi sai da na rage taurin jikin, domin estirakta ba ya warware tsatsa, riƙo kawai yake bayarwa. Na ɗora bakin ƙarfen soda mai zafi a kan sukurun kamar minti biyu, na bari ya huce, na yi masa bugu uku da fonci. A katako ba na zuba mai, ba ya kaiwa ko'ina sai ɓata itace, fenti kuma ya ƙi kamawa daga baya. A ƙarfe cikin ƙarfe kuwa man fesawa mai ratsa tsatsa yana taimako, in an ba shi lokaci, ba a fesa a juya nan take ba. Wuta kuma ba a kai ta kusa da fetur ko robobin birki.

Na sa bakin gyara rami, inji a juye, gudu kaɗan, dannawa sosai, da ɗigon baƙin mai a tsinin kaɗai. Abin dubawa shi ne abin da ke fitowa. In ɓarɓashin ƙarfe ne mai ɗan kauri, yana yanka. In ƙura ce baƙa da hayaƙi, gogawa yake yi, zafi zai kashe bakin. Irin waɗannan sukurorin katako fatarsu a ƙone take da tauri, cikinsu ne mai laushi, don haka farkon ne mai wuya. Na tsaya a zurfin kamar milimita 2 da rabi. In ka zarce za ka isa wuya, kan ya rabu da jiki. Na hure ramin, na goge man tas domin bakin cizo ba ya son santsi, na juya shi, na danna, na taɓa maɓallin kaɗan-kaɗan yadda ake iya ƙirga juyin da ido. Ya zame sau ɗaya, a na biyu injin ya fizgi hannuna, sai ga kan yana juyawa tare da shi.

Gwaggo da ke zaune tana kallo ta ce, "To ɗana, me ya hana ka fara da wannan tun ɗazu?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce dalilin da na sa estirakta a ƙarshe. An yi shi da ƙarfe mai tsananin tauri don ya iya cizon sukuru, ƙarfe mai irin wannan taurin kuma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi kamar kwalba. In ya karye a cikin ramin, ka dasa abin da bakin huji na yau da kullum ba ya ci a daidai wurin da kake bukatar hudawa. Na ga an kawo wani babur Magazine da guntun lamba 1 a cikin kusar milimita 6 ta murfin inji. Kusar ƙarfe ce a cikin alminiyom, irin haɗin da ke cin juna ya manne in ruwa ya shiga. Da an kawo shi kafin a taɓa, aikin minti goma ne. Da guntun a ciki sai da mai walda ya ɗora noti a kai ya cike shi, zafin waldar ya saki kusar, aka juya da sifana.

Alamar da ke zuwa kafin karyewa ana jin ta a hannu, shi ya sa dogon estirakta ba a sa shi a inji. Kana juyawa, sai ka ji mariƙin yana tafiya amma kusar ba ta motsa ba, in ka sassauta kuma ya dawo baya kamar sifirin. Wannan murɗewa ce, ba kwancewa ba. Tsaya nan. Haka kuma a juya shi da mariƙi mai hannu biyu don ƙarfin ya daidaita. Sifana mai hannu ɗaya tana jan sa gefe, jan gefe kuwa shi ya fi karya shi. Ramin da bai hau tsakiya ba ma haka yake jawowa, don haka fonci kafin huji ba abin tsallakewa ba ne.

Da na huɗun nan ya ƙi, ba zan ƙara masa ƙarfi ba. Da sai in ɗauki bakin huji na milimita 4.5, daidai kaurin jikinsa, in huda tsakiyar kan a hankali har kan ya ɓalle ya hau bakin kamar zobe. Hinji ya fita, ya bar guntu, wanda in ya ɗan leƙo sama filaya mai kullewa za ta kama ta gefe. Ga duk sukurun da ke riƙe da wani abu da za a iya ɗagewa, hinji ne ko murfi ko mariƙin ƙofa, wannan hanya ta fi estirakta aminci, domin babu abin da zai karye a ciki. Sau da yawa ma da kan ya tafi, matsin ya tafi, guntun da yatsu yake fita in a ƙarfe ne ba tsatsa. Inda estirakta ya zama ba makawa shi ne inda kusa ta karye a cikin rami, ko kan ya nutse inda ba abin ɗagewa, kuma kaurinta ya kai milimita 6 zuwa sama yadda za ta ɗauki rami mai kyau.

Wanda aikinsa gyaran waya ne ko rediyo, tsakanin ukun nan roba ce tasa, tare da sababbin ƙananan bakuna na asali, domin a wurinsa bugu haramun ne, estirakta kuma ya fi sukurun girma. Kafinta da mai gyaran gida, filat biyu ko uku masu ƙarfe har gindi da PZ2 da PH2 sababbi za su fitar masa da mafi yawa, gajeren estirakta kuma ya zauna a akwati don irin na huɗun nan. Mai babur ya ƙara da lura da ɗan ɗigon da ake bugawa a gefen gicciyen wasu sukurorin baburan Japan. Alama ce ta ma'aunin JIS, wanda bakin PH ba ya zama a cikinsa daidai, kuma shi ne sanadin cinyewar sukurorin kabureta da na murfin man birki da yawa.

Da muka zo ɗaura sabon hinjin, ramin sama da ya saki na cusa masa siririn katako da gam na bari ya kama. Na sake huda duka huɗun da bakin milimita 3, domin odum ba ya karɓar sukuru ba tare da an yi masa hanya ba. Na goga kyandir a tiredin sababbin, na miƙa wa yaron PZ2 da sukudireban hannu, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, sannan muka zare katakon da ke ƙarƙashin ƙofar.